Yadda Ake Gane Jarkar Man Girki da Ta Fi Araha Idan Girmansu Ya Bambanta

Mai sayen kayan abinci yakan tsaya a gaban shago ya tarar da jarka biyu na man girki iri ɗaya, na kamfani ɗaya, amma ɗaya ta lita 3 ce ɗaya kuma ta lita 5, kowace da farashinta. Abin da yawancin mutane suka ɗauka shi ne babbar ta fi sauƙi, domin an saba cewa mai sayen da yawa shi ke samun rangwame. Sau da dama haka ɗin yake, amma ba kullum ba, kuma ido ba ya iya tantancewa. Abin da ke raba gardama shi ne a gano nawa lita ɗaya ta kama a cikin kowace jarka, sannan a ɗora lambobin biyu kusa da juna. Farashin da za a yi amfani da shi a nan na misali ne kawai, saboda kuɗin mai ba ya zama wuri ɗaya, amma hanyar lissafin ba ta canzawa ko mai ya hau ko ya sauka.

A fara da tabbatar da cewa man iri ɗaya ne

Kafin a taɓa lissafi, sai a duba takardar da ke jikin kowace jarka a ga wane irin mai ne a ciki. A bakin mutane kusan duk wani farin mai sunansa man gyaɗa, alhali mafi yawan wanda ake sayarwa a jarka ba daga gyaɗa aka tatse shi ba. Wani tataccen man kwakwar manja ne, wani na waken suya ne, wani kuma gauraye ne. Idan aka kwatanta man gyaɗa na ainihi da tataccen man kwakwa, lissafi zai nuna wanda kuɗinsa ya fi ƙasa, amma ba zai ce komai game da ƙamshi ko ɗanɗano ba, kuma mai saye zai iya ɗauka ya samu garaɓasa alhali kaya daban ya saya. Saboda haka wannan lissafi ya fi amfani idan jarkokin biyu iri ɗaya ne, ko kuma gidan ba ya bambanta tsakanin nau'o'in biyu wajen girki.

Karanta adadin da ke rubuce, ba siffar jarka ba

Wannan mataki shi ne ya fi cin mutane, shi ya sa ya dace a ɗan daɗe a kansa. A jikin kowace jarka ko kwalba akwai inda aka rubuta yawan man da ke ciki, yawanci a ƙasan takardar gaba. Za a ga lamba tare da L, ko ml, ko cl, wani lokaci kuma kg. Harafin L yana nufin lita. Lita ɗaya tana da mililita 1,000, wato ml, kuma tana da santilita 100, wato cl. Don haka kwalbar da aka rubuta wa 75cl daidai take da wadda aka rubuta wa 750ml, dukkansu kashi uku ne cikin huɗu na lita.

Dalilin nacewa a kan karantawa shi ne kwalba mai ɗauke da mililita 900 da wadda ke ɗauke da lita ɗaya cikakkiya kusan tsayinsu ɗaya idan suna jere a kan kanta, kuma mai shago kansa yana iya kiran dukkansu «ta lita ɗaya» ba da nufin yaudara ba, sai don haka aka saba kira. Haka nan kalmar galan ba ma'auni ne tsayayye ba a kasuwa. Wani yana nufin lita 4, wani lita 5, kuma ko a asali galan iri biyu ne: na Ingila ya ɗan haura lita 4 da rabi, na Amurka kuma bai kai lita 4 ba, ya tsaya a kusan lita 3.8. Duk wanda aka ce masa «galan kaza ne» sai ya juya jarkar ya karanta da idonsa. Ƙugun da aka matse, da gindin da aka loɓa zuwa ciki, da hannun riƙo mai faɗi, duk suna sa jarka ta yi kama da babba alhali abin da ke cikinta bai kai yadda ido ya ƙiyasta ba.

Idan an rubuta wata jarka da lita, wata kuma da mililita, sai a mayar da su ma'auni guda kafin a ci gaba. Mafi sauƙi shi ne a mayar da komai lita ta hanyar raba mililita da 1,000, ta yadda 750ml za ta zama lita 0.75, 900ml kuma lita 0.9.

A san farashin da za a biya da gaske

A manyan kantuna farashi a rubuce yake, babu ciniki, sai dai a tabbatar cewa takardar farashin da ke manne a gefen kanta ta wannan jarkar ce, ba ta maƙwabciyarta da aka tura gefe ba. A kasuwa kuwa, irin su Singa a Kano inda ake sayar da kayan masarufi a kan sari da ɗaiɗai, farashin farko na buɗe baki ne. Ba a gina lissafi a kansa. Sai a tambayi kuɗin kowace jarka dabam, a taya kowace dabam, a ji inda mai kaya zai sallama, sannan a yi lissafi da waɗannan lambobi na ƙarshe. Idan an taya babbar kawai aka bar ƙaramar a farashinta na farko, to an riga an karkatar da sakamakon tun kafin a fara.

Lissafin kansa

Ƙa'idar guda ce: a raba kuɗi da yawan lita. Abin da ya fito shi ne kuɗin lita ɗaya.

A ɗauka jarkar lita 3 an sallama ta a kan naira 10,200, ta lita 5 kuma a kan naira 17,500. A na'urar lissafi ta waya sai a fara buga kuɗin, a danna alamar rabawa, sannan a buga yawan litar:

```
10200 ÷ 3 = 3400
17500 ÷ 5 = 3500
```

Lita ɗaya a ƙaramar jarka ta kama naira 3,400, a babbar kuma naira 3,500. Wato a wannan misali ƙaramar ce ta fi araha da naira 100 a kowace lita, saɓanin abin da aka saba zato. Irin haka yana faruwa a zahiri, kuma yana da dalilai. Wani lokaci ƙananan jarkokin tsohon kaya ne da mai shago ya saro kafin a ƙara kuɗi, manyan kuma sabon kaya ne da suka zo da sabon farashi. Wani lokaci girman da ya fi tafiya shi 'yan kasuwa ke gasa a kansa har ribarsa ta ragu, a bar ɗayan girman da riba mai kauri tunda ba kowa ke lissafawa ba.

Akwai kuskure ɗaya da ake yawan yi a nan, wato juya lissafin a raba lita da kuɗi. Idan aka buga 3 a raba da 10,200, abin da zai fito wata 'yar lamba ce mai tarin sifiri a gaba, wadda ke nuna yawan man da naira ɗaya za ta saya, kuma a wannan yanayi lambar da ta fi girma ita ce mai araha, abin da ke rikita mutum nan take. Alamar gane kuskuren mai sauƙi ce: amsar da ta dace dole ta yi kama da kuɗin da aka san ana sayar da litar mai a gari. Idan amsa ta fito ƙasa da naira ɗaya, an juya lissafi. Idan kuma ta fito naira 3 da ɗigo wani abu, to an raba ne da mililita, kuma sai an ninka amsar sau 1,000 kafin ta zama kuɗin lita.

Bayan an samu amsa yana da kyau a tabbatar da ita ta wata hanya, musamman idan sayayyar mai yawa ce. Hanyar ita ce a tambayi kai: da za a sayi lita 5 a kan farashin ƙaramar jarka, nawa za a biya? Naira 3,400 sau 5 ya ba da naira 17,000. Tunda ana neman 17,500 a kan babbar, ƙarin da ake biya shi ne naira 500. Wannan lamba ta 17,000 tana da amfani fiye da tabbatarwa, domin ita ce iyakar ciniki. Mai saye yanzu ya san cewa babbar jarka ba za ta fi ƙaramar sauƙi ba sai an sallama ta ƙasa da 17,000, kuma yana iya faɗa wa mai shago haka kai tsaye: «Alhaji, a lissafin ƙaramar nan lita biyar dubu goma sha bakwai ce, in za ka rage mini a kan haka sai in ɗauki babbar.» Ɗan kasuwa ya fi saurin amsa tayin da aka gina a kan farashin kayansa fiye da tayin da aka jefa da ka.

Idan babu waya a hannu

Wanda rabawa ke yi wa wuya yana iya bin hanyar ninkawa, kuma sakamakon ɗaya ne. Sai a nemi adadin lita da jarkokin biyu za su haɗu a kansa. Jarkar lita 3 guda biyar lita 15 ke nan, jarkar lita 5 guda uku ita ma lita 15 ce. Ƙananan guda biyar za su ci naira 51,000, manyan guda uku kuma naira 52,500. Man daidai yake, kuɗin ne ya bambanta da naira 1,500, kuma idan aka raba wannan gida 15 za a dawo kan naira 100 ɗin nan ta kowace lita. A taƙaice, ana ninka kuɗin kowace jarka da yawan litar ɗaya jarkar, wadda amsarta ta fi ƙanƙanta ita ce mai araha.

Ga kwalbar 75cl akwai dabara da ake yi da ka ba tare da alƙalami ba. Tunda kashi uku cikin huɗu na lita ce, sai a raba kuɗinta gida uku, sannan a ninka sau huɗu. Idan kuɗinta naira 2,700 ne, kashi ɗaya 900 ke nan, sau huɗu ya zama 3,600. To idan a gefenta akwai kwalbar lita ɗaya cikakkiya a kan naira 3,550, ta litar ce ta fi sauƙi da naira 50, duk da cewa kuɗin da ke jikinta ya fi na ƙaramar da naira 850. Kwalbar 900ml kuma ana raba kuɗinta gida tara a ninka sau goma, ta yadda wadda ake sayarwa naira 3,240 litarta ta kama 3,600, ba 3,240 ba kamar yadda mai gaggawa zai ɗauka.

Lita a gefe ɗaya, kilo a ɗaya gefen

Wani lokaci akan ci karo da mai, musamman wanda aka shigo da shi daga waje ko wanda ke cikin gwangwani, da aka rubuta nauyinsa da kilo maimakon lita. A nan kada a ɗauka kilo ɗaya lita ɗaya ce. Wannan daidaito na ruwa ne. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, shi ya sa yake tasowa a saman miya, kuma litar man girki tana auna tsakanin giram 910 zuwa 920 gwargwadon irin man da zafin wurin. Ma'ana kilo ɗaya na mai ya haura lita ɗaya da kusan kashi tara cikin ɗari.

Don mayar da kilo zuwa lita sai a raba shi da 0.92. A ɗauka akwai gwangwani mai kilo 5 a kan naira 18,500. Idan aka raba 5 da 0.92 za a samu kusan lita 5.43, idan kuma aka raba 18,500 da wannan za a samu kusan naira 3,407 a kowace lita. Wanda bai yi wannan juyi ba zai raba 18,500 da 5 ya samu 3,700, ya yanke hukunci cewa gwangwanin ya fi jarkar lita 5 mai 3,500 tsada, alhali ya fi ta araha da kusan naira 90 a lita.

Sai dai wannan juyi yana da iyakarsa, kuma ya kamata a san ta. Da an yi amfani da 0.91 maimakon 0.92, amsar za ta sauko zuwa kusan naira 3,367. Duk lambobin biyu suna ƙasa da 3,500, don haka hukuncin da aka yanke tsakanin gwangwani da babbar jarka tsayayye ne. Amma idan da ƙaramar jarka mai 3,400 ake kwatantawa, lamba ɗaya tana sama da ita ɗaya kuma tana ƙasa, wanda ke nufin lissafi ba zai raba su ba. A irin wannan hali sai a ɗauke su a matsayin kunnen doki, a zaɓa bisa wani dalili. Haka kuma a tabbatar cewa nauyin da aka rubuta na man ne zalla, ba haɗe da gwangwaninsa ba. Kalmar Net da ake bugawa kusa da lambar ita ke nuna zallar abin da ke ciki.

Man da ake aunawa a kwalba

Lissafin da aka yi a sama ya dogara ne ga adadin da kamfani ya rubuta ya kuma rufe. Man da ake ɗura wa mutum daga babbar jarka mai lita 25 zuwa kwalba ko leda ba shi da wannan tabbaci, domin kwalbar awo ta bambanta daga mai kaya zuwa mai kaya, kuma cikawa har wuya da tsayawa a kafaɗar kwalba ba ɗaya ba ne. Wanda ke son kwatanta man awo da na rufaffiyar jarka sai ya sayi kwalba ɗaya, ya kai gida ya juye ta a kofin awo mai layukan mililita, ko a wata kwalba da ya san adadinta, ya rubuta abin da ya samu. Da wannan adadi zai yi lissafi, kuma adadin yana aiki ne ga wannan mai kaya kaɗai. Ko da man awo ya fito da araha, a tuna cewa ba shi da takardar da za a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC ko ranar lalacewa, kuma babu tabbacin an ƙara masa bitamin A kamar yadda doka ta tanada ga man girkin da ake sayarwa a Najeriya. Wannan ba ya shiga cikin lambobi, amma yana cikin abin da ake biya wa kuɗi.

Idan aka yi shakkar ko rufaffiyar jarka cike take, a fara duba murfinta a ga ko zoben da ke ƙarƙashinsa a tsinke yake, sannan a jera ta da 'yan'uwanta a ga ko man ya tsaya a layi ɗaya. Wanda ke da sikeli yana iya ɗora ta a kai: man lita 5 kaɗai ya kamata ya auna kusan kilo 4.6, sai ɗan nauyin robar ya hau kai. Jarkar da ta auna ƙasa da kilo 4.5 tare da robarta an rage mata wani abu.

Lokacin da mai arahar lita ba ita ce ta dace a ɗauka ba

A koma ga misalin farko, a ɗauka mai shago ya amsa tayi ya sallama babbar jarka a kan naira 16,800. Litarta yanzu ta kama 3,360, ta sauko ƙasa da 3,400 na ƙaramar. Bambancin naira 40 ne a lita, wato naira 200 a kan jarkar gaba ɗaya. A kan takarda babbar ta yi nasara, amma a nan ne ya kamata mai saye ya tambayi kansa ko naira 200 ta isa dalili.

Abu na farko shi ne kuɗin mota. Idan ƙaramar tana samuwa a shagon unguwa a kan farashin nan, babbar kuma sai an je kasuwa an kashe naira 600 zuwa da dawowa don ita kaɗai, to ainihin kuɗinta ya zama 17,400, litarta kuma 3,480, ribar ta koma hasara. Idan kuwa dama za a je kasuwar don cefanen wata, ba daidai ba ne a ɗora wa mai kaɗai kuɗin motar.

Na biyu shi ne kuɗin da za a ɗaure. Ɗaukar babbar yana nufin fitar da ƙarin naira 6,600 a yau don a tsira da naira 200. Ga gidan da wannan kuɗi zai hana sayen shinkafa ko iskar gas a makon, a ganina cinikin bai biya ba. Sai dai a lokacin da farashin mai ke hawa wata bayan wata, sayen lita 2 na ƙari a kuɗin yau yana iya kare mutum daga ƙarin da ya fi naira 200 ɗin, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi ga wanda ke da kuɗin a hannu.

Na uku shi ne saurin amfani. Mai tuyar ƙosai ko gidan da ke da baki da yawa zai gama lita 5 kafin man ya san an buɗe shi. Gidan da ke cin lita ɗaya da rabi a wata kuwa zai ɗauki fiye da wata uku a kan jarka ɗaya, kuma da zarar an buɗe mai, iska da zafi da hasken rana suna fara canza shi, har ya kai ga yin wari irin na tsohuwar gyaɗa da maƙaƙi a maƙogwaro. Idan rabin lita kacal ya lalace aka zubar, kuɗin 16,800 ya tafi ne a kan lita 4.5, wato kusan naira 3,733 kowace lita, wanda ya fi duk farashin da aka gani a shagon. Maganin wannan shi ne a zuba na amfanin mako a ƙaramar kwalba busasshiya, a rufe jarkar da kyau a ajiye ta a inuwa nesa da murhu, kuma a duba ranar lalacewa tun a shago, domin babbar jarka da aka karya wa farashi wani lokaci kwananta ne ya kusa ƙarewa. Kada a rikita lalacewa da daskarewar da tataccen man kwakwa ke yi a lokacin hunturu, inda yake yin fari ya yi kauri. Wannan ɗabi'arsa ce, kuma yana narkewa idan aka sa jarkar a ruwan ɗumi.

Akwai kuma kyautar da ake haɗawa da jarka, kamar ƙarin mai da aka rubuta a jiki ko 'yar kwalba da aka ɗaure a wuya. Idan kyautar mai ce, sai a haɗa ta cikin yawan litar kafin a raba, ta yadda lita 5 da ƙarin 250ml za su zama lita 5.25, kuma naira 17,500 ɗin farko za ta ba da kusan 3,333 a lita. Idan kuwa kyautar roba ce ko cokali, ba ta shiga lissafi sai in dama abu ne da za a fita a saya, kuma a lokacin kuɗinsa na kasuwa kawai ake cirewa daga farashin jarkar kafin a raba da yawan lita.